Kuɗi sun ƙaru a durowa, jari kuma ya ragu: yadda mai shago zai tantance ribarsa ta wata

Tun da aka sanya hannu a sabbin dokokin haraji na Najeriya a watan Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, tambayar da ƙananan 'yan kasuwa suka fi yi ita ce ko duk kuɗin da ya shiga asusun mutum na banki za a ɗauke shi a matsayin abin da ya samu. Dokar ta keɓe naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara daga haraji, amma wannan adadi bai amsa komai ga mai shagon da bai san nawa ya samu ba. A kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, da shagunan kayan masarufi na cikin unguwannin Bauchi, akwai mutane da yawa da za su iya faɗin cinikin jiya har zuwa naira hamsin ɗin ƙarshe, amma idan aka tambaye su ribar watan da ya wuce sai su nuna abin da ya rage a durowa. Abin da ya rage a durowa ba shi ne riba ba, kuma babban abin da ke raba su biyun shi ne kuɗin da mai shagon ya ɗiba da hannunsa domin hidimar gida.

Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

Ciniki shi ne ƙimar duk kayan da aka sayar, ko an biya nan take ko an ɗauka bashi. Jari shi ne abin da mai shago ya mallaka a cikin shagon, wato kayan da ke kan kanta da tsabar kuɗi da bashin da yake bin mutane, bayan an cire bashin da dila ko wani yake binsa. Riba ita ce abin da saye da sayarwa suka ƙara wa wannan jari bayan an biya duk hidimar shago. Ɗiba kuwa ita ce duk abin da mai shago ya fitar don kansa ko iyalinsa, kuɗi ne ko kaya: cefane, kuɗin makaranta, zubin adashi, gudummawar biki, ko mudun sukari da kwalin taliya da aka aika gida.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ke tsakanin hidimar shago da ɗiba. Kuɗin dakon kaya daga kasuwar Singa ta Kano zuwa Bauchi hidimar shago ce, domin ba don shagon ba da ba a kashe shi ba, saboda haka yana rage riba. Kuɗin cefane kuwa da shago da babu shago sai an kashe shi, don haka ba ya rage riba, jari yake ragewa. Wanda ya rubuta cefane a cikin hidimar shago zai ga kamar kasuwarsa ba ta kawo komai alhali tana kawowa, wanda kuma bai rubuta shi ko'ina ba zai ga kuɗi suna ɓacewa ya fara zargin yaronsa.

Yadda aljihu biyu suka zama ɗaya

Cakuɗuwar ba sabon abu ba ce, domin mafi yawan ƙananan shaguna an buɗe su ne don su ciyar da gida, kuma mai shagon shi ne mai jari, shi ne ma'aikaci, shi ne ma'aji. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 lokacin sauya fasalin naira, wanda ya tura masu saye da yawa zuwa biya ta waya. Yawancin masu shaguna lambar asusunsu na kansu suka manna a jikin bango, sai ya zama asusu ɗaya ne yake karɓar ciniki, shi ne ɗan'uwa ke turo ajiya a cikinsa, kuma daga cikinsa ake sayen katin waya da biyan kuɗin asibiti. Daga nan aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashi ya yi ta hawa har hauhawarsa ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan yanayi adadin kuɗin da ke ratsa hannun mai shago yana ƙaruwa kowane wata ko da yawan kayan da yake sayarwa bai ƙaru ba, kuma hakan yana ɓoye raguwar jari na tsawon lokaci.

Awon farko: ƙirga dukiyar shago sau biyu

Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar a rubuta kowane ciniki. Abin da take buƙata shi ne a ƙirga dukiyar shago a daren ƙarshe na wata, a sake ƙirgawa a daren ƙarshe na watan da ya biyo baya, sannan a riƙe littafi ɗaya na ɗiba a tsakaninsu. Ka'idar ita ce:

Riba = jarin ƙarshen wata − jarin farkon wata + abin da aka ɗiba − sabon kuɗin da aka zuba daga waje

A ɗauki misalin wani shagon kayan masarufi a unguwar Jahun, wanda aka ƙirƙiri alƙalumansa don bayani. A farkon wata yana da kaya na naira 1,800,000 a farashin sari, da kuɗi 250,000 tsakanin durowa da asusu, yana bin mutane 150,000, dila kuma yana binsa 300,000. Jarinsa ke nan naira 1,900,000. A ƙarshen wata kayan sun koma 1,650,000, kuɗi sun kai 420,000, bashin da yake bin mutane ya hau zuwa 210,000, na dila kuma ya kai 400,000. Jarin ya zama 1,880,000.

Idan mai shagon durowa da asusu kawai ya duba, zai ce ya ci ribar naira 170,000, domin da haka kuɗin hannunsa suka ƙaru. Idan kuma jarin kawai ya kwatanta, zai ce ya faɗi da 20,000. Duka amsoshin biyu kuskure ne, kuma littafin ɗiba ne ke gyara su. A cikin watan ya ɗauki 4,000 kullum don cefane, wato 120,000, ya biya kuɗin makaranta 45,000, ya zuba adashin dubu ɗai-ɗai na 30,000, sannan an kai gida kayan shago na 35,000 a farashin sari. Jimillar ɗiba 230,000. A ɗaya ɓangaren, ya sayar da masarar gonarsa ya zuba 50,000 a cikin shagon, kuma wannan kuɗi ba kasuwar ce ta haife shi ba. Idan aka ɗauki raguwar 20,000, aka mayar da 230,000 da aka ɗiba, aka cire 50,000 na masara, ribar watan ta tsaya a naira 160,000.

Abin lura a nan shi ne shagon ya yi riba, amma mai shi ya ci fiye da ribar da 70,000, kuma kuɗin masara ne ya rufe mafi yawan gurbin. Wannan shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira cin uwar kuɗi. Ƙarin kuɗin da ya gani a durowa kuwa ya fito ne daga kayan da ya sayar bai mayar da gurbinsu ba, da bashin dila da ya ƙaru da 100,000, da kuɗin gona. Yana iya yin wata shida a haka yana ganin kuɗi a hannunsa, kanta tana ramewa a hankali, har ranar da dila zai nemi a biya shi gaba ɗaya.

Adashi yana buƙatar kulawa ta daban, domin mutane da yawa ba sa ɗaukarsa ɗiba tun da zai dawo. Idan kwasar za ta tafi ga sayen fili ko ɗinkin salla, zubin ɗiba ne. Idan an yi niyyar mayar da ita cikin shago, ana iya rubuta zubin a matsayin ajiyar shago, amma a ranar kwasa ba za a ƙirga ta ciniki ko riba ba. Ko wanne aka zaɓa, sharaɗin shi ne kada a sauya shi daga wata zuwa wata.

Awo na biyu: abin da littafin ciniki ya ce

Awon farko yana da rauni guda, shi ne ya dogara kacokan ga gaskiyar littafin ɗiba. Duk naira da aka ɗauka ba a rubuta ba za ta bayyana ne kamar raguwar riba. Saboda haka wanda yake rubuta cinikinsa na kullum yana da damar yin awo na biyu, wanda ke bi ta wata hanya dabam ya isa ga amsa ɗaya.

A shagon misalin, cinikin wata, har da na bashi, ya kai naira 2,400,000, sarin da aka yi kuma 2,015,000. Don a san kuɗin kayan da aka sayar, sai a haɗa kayan farkon wata da sabon sari, a cire kayan da aka kai gida, a cire kayan da suka rage a ƙarshen wata, abin da ya bayar da 2,130,000. Ribar da ke kan kayan ita ce 270,000, wato kaɗan fiye da kashi 11 cikin ɗari na ciniki. Hidimar shago, da ta ƙunshi albashin yaro da wuta da man janareta da dako da kuɗin gadi, ta ci 80,000. Ribar littafi ta zama 190,000.

Yanzu akwai amsa biyu, 160,000 daga ƙirgen dukiya da 190,000 daga littafi, kuma giɓin 30,000 da ke tsakaninsu shi ne abu mafi amfani da lissafin ya fitar. Ma'anarsa ita ce bisa abin da aka rubuta ya kamata a tarar da 450,000 a durowa da asusu, amma 420,000 aka tarar. Idan aka raba giɓin a kan kwanakin wata, dubu ɗaya ce a rana, wadda ita ce daidai girman abubuwan da hannu ke miƙawa ba tare da tunani ba: abincin rana, sadakar almajiri, kuɗin mota na yaran gida, katin waya, ɗari biyar ga baƙon da ya zo gaisuwa. Idan mai shagon ne ya ɗebe su, to ribarsa 190,000 ce, ɗibarsa kuma 260,000. Idan hidimar shago ce da aka manta rubutawa, ko canji da aka bayar fiye da ƙima, ko kuɗin da aka ce an turo amma bai shigo ba, ko sata, to ribar 160,000 ce, domin kuɗin ya bar shagon ba tare da mai shagon ne ya ɗibe shi ba. Lissafi ba zai nuna wanne ne daga ciki ba, abin da zai nuna shi ne girman abin da ake nema. Hanyar rarrabewa ita ce a yi mako guda ana ƙirga durowa kowane dare ana kwatanta ta da littafi, domin abin da aka manta a wata ana iya tuna shi a yini.

Giɓin yana iya fitowa ta ɗaya gefen, ƙirgen dukiya ya fi littafi yawa. Wannan ba abin murna ba ne kafin a bincika, domin yawanci yana nufin akwai cinikin da ba a rubuta ba, ko ajiyar wani tana kwance a asusu, ko kuma an manta wani bashin dila. Akwai kuma kuskuren da giɓin ba zai nuna ba, domin yana shafar awon biyu daidai, shi ne ƙirga kayan kanta a farashin sayarwa maimakon farashin sari, wanda ke sa mutum ya rubuta ribar kayan da bai riga ya sayar ba.

Abubuwan da ba su fita daga durowa a wannan watan ba

Ko da awon biyu sun daidaita, ribar ba ta gama tabbata ba, domin akwai nauyin da ke kan watan amma kuɗinsa ba a cikin watan yake fita ba. Hayar shago a Bauchi, kamar sauran garuruwa, galibi ta shekara ake biya. Idan hayar 240,000 ce, kowane wata yana ɗauke da 20,000 ko an biya a cikinsa ko ba a biya ba, kuma wanda bai raba ta haka ba zai ga riba mai kauri wata goma sha ɗaya, sannan ya ga faɗuwa a watan da mai ginin ya zo karɓar haya. Haka firiza ta 360,000 da ake sa ran za ta yi shekara biyar tana cin 6,000 a wata.

Sai bashin da ake bin mutane. A lissafin da aka yi an ɗauki 210,000 ɗin nan kamar kuɗi ne a hannu, alhali mai shago ya san a cikinsu akwai na ma'aikacin da ke biya duk ranar da albashi ya shigo, akwai kuma na maƙwabcin da ya daina bi ta ƙofar shagon. Ya dace a raba littafin bashi bisa tsufa, duk wanda ya haura wata uku ba a taɓa shi ba a fitar da shi daga jari, ko da za a ci gaba da nemansa. A ce irin wannan ya kai 25,000, kayan da wa'adinsu ya ƙare ko ɓera ya ɓata amma aka ƙirga su a kan kanta kuma sun kai 9,000. Idan aka cire waɗannan huɗu daga 160,000, abin da ya rage naira 100,000 ne. Mataccen bashi sau ɗaya ake cire shi, don haka watan da aka fara wannan tankaɗe zai fi waɗanda za su biyo baya muni.

Inda ra'ayoyi suka bambanta

Akwai saɓani a kan ko wahalar mai shago tana da farashi. A ƙa'idar masu lissafin kuɗi, shagon mutum ɗaya ba ya biyan mai shi albashi, duk abin da ya ɗauka ɗiba ce, kuma ribar ita ce ladan jarinsa da guminsa a haɗe. Wannan ra'ayi yana da sauƙin aiki, kuma shi ne ya dace da lissafin haraji, inda ba a yarda a cire hidimar gida daga riba. Masu ba ƙananan 'yan kasuwa shawara kuwa sukan ce mai shago ya yanka wa kansa albashi tsayayye, domin ta haka ne kawai zai san ko jarinsa yana haihuwa. Idan aka ɗauki mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, aka cire shi daga 100,000, sai ya zama jarin kusan miliyan biyu ya kawo 30,000 a wata, ƙasa da kashi biyu cikin ɗari. Su kuma tsofaffin 'yan kasuwa suna da tasu hujjar, cewa shagon da ya ciyar da gida ya biya makaranta ya riga ya yi aikin da aka buɗe shi dominsa, kuma tsananta ƙirge yana sa mutum ƙunci da rowa. Hujjar tana da ƙarfi muddin kanta ba ta raguwa. Ra'ayoyin uku ba su saɓa a kan adadin da shagon ya samar ba, sun saɓa ne a kan sunan da za a ba kowane kaso nasa.

Saɓani na biyu a kan tashin farashi ne. Katan da aka saro 20,000 aka sayar 22,000 ya kawo ribar 2,000 a littafi, amma idan sabon sari ya koma 21,500, abin da za a iya ɗiba ba tare da kanta ta ragu ba 500 ne kawai. Lissafin da aka saba yana tsayawa a farashin da aka saya, domin shi ne ke da rasit. 'Yan kasuwa da yawa kuwa suna auna riba da farashin mayarwa, shi ya sa suke ƙara kuɗin tsohon kaya da zarar labarin sabon farashi ya iso daga Kano, abin da masu saye ke gani a matsayin zalama. Ga mai son sanin ko ribarsa ta gaske ce, mafita ita ce ya ƙirga manyan kayansa da adadi ba da kuɗi kaɗai ba, ya san buhu nawa na sukari da jarka nawa ta mai da katan nawa na taliya yake da su a farkon wata da ƙarshensa. Idan kuɗin jari yana hawa adadin kaya yana sauka, ƙarin na farashi ne.

Abin da wannan ke jawowa

Ta fuskar haraji, shagon da ke cinikin 2,400,000 a wata zai ga kusan naira miliyan 29 sun ratsa hannunsa a shekara, alhali abin da ya samu bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Harajin kuɗin shiga na mutum, wanda hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke karɓa, a kan abin da aka samu yake hawa, amma mai shagon da ba shi da rubutu ba shi da abin da zai nuna idan aka yi masa ƙiyasi. A ɗaya gefen kuma, ba zai iya cewa bai samu komai ba don kawai cefane ya cinye ribar.

Lamarin ya fi zafi inda jarin na wani ne. A ƙiradi, inda mutum ɗaya ke ba da kuɗi wani ya juya su a raba riba, ba a san ribar da za a raba ba sai uwar kuɗi ta cika, don haka ɗibar da mai juyawa ya yi ba tare da rubutu ba ita ce ke zama rigima tsakanin yaya da ƙane ko maigida da yaronsa. Ƙirgen da aka bayyana a sama kuma shi ne kusan abin da ɗan kasuwa ke buƙata idan shekara ta zagayo zai fitar da zakka, sai dai a can ana ƙimanta kayan ne da farashin ranar.

A aikace, rabuwar aljihun biyu tana tsayawa ne a kan abubuwa kaɗan: asusun ciniki dabam da na mai shago, ɗiba sau ɗaya a rana ko a mako a rubuta ta nan take, kayan da aka kai gida a shigar da su littafi a farashin sari, ƙirge kuma a yi shi a rana ɗaya ta kowane wata. Wata ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, domin cinikin azumi da na salla ba ɗaya suke da na tsakiyar damina ba, sai an jera wata uku ko huɗu kafin matsakaicin ya fito. Ga shagon misalin, idan ribar da aka tace ta ci gaba da tsayawa kusa da 100,000 zuwa 130,000 alhali gida yana buƙatar 230,000, zaɓin da ke gaban mai shi shi ne ya rage ɗiba, ko ya ɗora wani ɓangare na hidimar gida a kan gona, ko ya tsaurara bayar da bashi ya ƙara saurin juya kaya, domin a yadda ake tafiya jarin zai riƙa raguwa da naira 100,000 zuwa 130,000 kowane wata idan ba a zubo kuɗi daga waje ba.